Kafin a Tura Kati, a Fara Neman Harshe

Na'urar cire kuɗi, wadda kowa ya fi sani da ATM, ba ta fara ƙirga wa mutum lokaci sai ya tura katinsa a cikinta. Kafin nan, ko minti biyar ka yi kana kallon allonta, ba abin da za ta yi maka: ba ta riƙe komai naka ba, ba ta san ko kai wane ne ba, ba kuma za ta cire maka ko kwabo ba. Waɗanda za su yi ƙorafi su ne mutanen da ke bayanka a layi, su kuwa haƙuri ake ba su. Amma da zarar kati ya shiga, an shiga wani hali daban. Kowane shafi da ya bayyana yana da 'yan daƙiƙoƙinsa, kuma wanda ba ya karanta Turanci da sauri zai ga ana yi masa tambaya bayan tambaya alhali bai gama gane ta farko ba. Mu a nan Gomari, galibinmu haka muka saba: mu iso, mu tura kati, sannan mu fara neman wanda zai karanta mana. Muna ganin ya kamata a juya tsarin nan, a fara neman harshe tun kati na aljihu.

Mun san yadda abin yake. Mutum ya hau Keke Napep daga unguwa ya nufi cikin gari, wajen Fos Ofis ko bankunan da ke titin Shehu Laminu, ya bi layi a rana har ƙafa ta gaji. Idan aka zo kansa, ba ya son ya ɓata wa kowa lokaci, ga kuma kunyar a ce bai iya ba. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, sai wannan gaggawa ta zauna mana a jiki, kamar kuɗin zai ƙare idan aka tsaya numfashi. A cikin wannan gaggawar ce maɓallin harshe ke wuce mu, ko da yana nan a gabanmu.

Sai dai mu faɗi gaskiya tun da wuri, don kada wani ya je ya tsaya yana neman abin da babu. Ba kowace na'ura ce ke da wannan maɓalli a shafin farko ba. A abin da muka gani, iri uku ne. Akwai wadda ke ba da zaɓin harshe tun kafin a sa kati, a wani lungu na allon maraba. Akwai wadda sai kati ya shiga sannan ta kawo jerin harsuna, kafin ta nemi lambar sirri, kuma irin wannan ta fi yawa a wajenmu. Akwai kuma wadda Turanci kawai take yi daga farko har ƙarshe. Bankin da ya mallaki na'urar shi ke tsara shafukan da za ta nuna, shi ya sa za ka ga na'urori biyu masu kama ɗaya, daga kamfani ɗaya, amma ɗaya na jin Hausa ɗayar ba ta ji. Amfanin tsayawa a duba kafin tura kati shi ne mutum ya san da wacce daga cikin ukun nan yake hulɗa, tun bai ba da komai nasa ba.

To me ya sa muke cewa maɓallin a ɓoye yake? Ba wai an rufe shi da gangan ba ne. Allon da na'ura ke nunawa idan ba kowa a gabanta allon talla ne. Hotuna ne ke ta sauyawa, wannan na tallar bashi, wancan na tallar manhajar waya, wani na gargaɗi kan 'yan damfara. Zaɓin harshe, idan akwai shi, ƙaramin rubutu ne a ƙasa ko a kusurwa, wani lokaci ma a kan hoto ɗaya kawai yake fitowa cikin jerin, ya ɓace idan na gaba ya zo. Don haka abu na farko shi ne a bar hotunan su zagayo sau ɗaya cikakke, ana kallon gefuna da ƙasan allo, a ƙyale tsakiyar inda tallar take.

Abin dariyar, wanda kuma abin takaici ne, shi ne kalmar da ke nuna hanyar zuwa Hausa ita kanta da Turanci ake rubuta ta. Za ka ga Language, ko Select Language, ko Change Language. Wanda bai iya Turanci ba, yaya zai san wannan ce ƙofarsa? Kamar a kulle ɗaki ne a ajiye mabuɗin a ciki. Shi ya sa ko mutum bai iya karanta komai na Turanci ba, ya kamata ya riƙe siffar wannan kalma guda: tana farawa da L, tana da g guda biyu, haruffanta takwas. Wasu na'urorin maimakon kalma sukan sa ɗan hoton ƙwallon duniya, ko tutoci. Tutar Birtaniya na nufin Turanci, ta Faransa na nufin Faransanci. Hausa kuwa ba ta da tuta, don haka idan tana nan da sunanta za a rubuta ta, yawanci tare da English da Yoruba da Igbo, wani lokaci har da Pidgin. Maƙwabtanmu Kanuri, waɗanda garin nan nasu ne tun asali, mu dai ba mu taɓa cin karo da harshensu a kan allon wata na'ura ba, su ma Hausar suke nema idan Turanci ya gagara.

Bayan an ga rubutun, sai batun yadda za a taɓa shi, kuma nan ne mutane da yawa ke cewa na'ura ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Wasu allunan da yatsa ake taɓa su kai tsaye kamar waya. Wasu kuwa gilashi ne kawai, ko ka danna shi har gobe ba zai amsa ba. Irin waɗannan suna da maɓallai a gefen allo, huɗu a dama huɗu a hagu, ba a rubuta komai a jikinsu ba. Aikin kowane maɓalli yana sauyawa ne gwargwadon abin da aka rubuta kusa da shi a kan allo, sau da yawa da 'yar kibiya mai nuna shi. Idan ka ga maɓallan nan takwas, to da su za ka yi aiki. Akwai wani ƙaramin tarko a nan: allon yana can ciki bayan gilashi mai kauri, maɓallan kuma suna waje, saboda haka dogon mutum da ke kallo daga sama zai ga rubutun kamar yana daidai da wani maɓalli, gajere kuma ya gan shi daidai da wani. Maganinsa shi ne a ɗan rusuna har ido ya yi daidai da allo, ko a ƙirga: idan rubutun shi ne na ƙarshe a ƙasa ta dama, to maɓalli na huɗu ne a dama. Ranar Maiduguri ma tana da nata rabon, domin da tsakar rana hasken kan wanke allo har ba a ganin ƙananan rubutu. Tafin hannu ko hula a yi wa allon inuwa ya wadatar.

Mutane na tsoron danna wani abu kafin su sa kati, wai kada su ɓata na'ura. Ba abin da zai ɓaci. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne mutum ya faɗa shafin cire kuɗi ba tare da kati ba, wanda ake rubuta wa Cardless ko Cardless Withdrawal, domin shi ma a allon maraba ake ajiye shi. Za ka gane ka shiga nan idan na'ura ta fara neman wata lamba alhali ba ka sa kati ba. Kada ka rubuta komai, musamman lambar sirrinka. Ka danna jan maɓalli mai Cancel, allo zai koma inda yake. Zaɓin harshe ba ya neman lamba ko ɗaya.

Tunda mun ambaci jan maɓalli, bari mu tsaya a kansa, domin launukan nan harshe ne da kowa ke ji. A gefen lambobi akwai manyan maɓallai uku. Ja shi ne Cancel, yana soke komai ya dawo maka da katinka. Ruwan ɗorawa shi ne Clear, yana goge lambar da ka rubuta ba daidai ba. Kore shi ne Enter, ma'ana na yarda, a ci gaba. Wannan tsari ne da ake bi kusan ko'ina a duniya, kuma a kan lamba 5 akwai ɗan tudu da yatsa ke ji, don makafi da masu raunin ido su san tsakiyar lambobin. Wanda ya riƙe launuka ukun nan, ko na'urar Turanci zalla ce, yana da hanyar fita a kowane lokaci.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce dattijo ne daga unguwar nan, ɗan fansho, yana karanta Hausar boko sarai amma Turancinsa kaɗan ne, yana son ya ciri naira 20,000. Ya iso gaban na'ura, katinsa na aljihun gaba. Ya tsaya hotuna suka zagayo, ya hango Language a ƙasan allo ta dama, ya ga akwai maɓallai a gefe, ya danna na huɗu. Jerin harsuna ya fito, ya zaɓi Hausa. Yanzu ne zai fito da kati, kuma kada ya yi jinkiri sosai, domin idan aka zaɓi harshe aka bar na'ura ba a yi komai ba, bayan ɗan lokaci takan koma allon talla, zaɓin ya goge. Ya tura katin, ɗan ƙarfen zinariya na sama kuma shi ne a gaba. Na'ura ta nemi lambar sirri, ya rufe da hannun hagu ya danna lambobi huɗu da dama, sannan kore. Sai ta tambayi abin da yake so, ya zaɓi cire kuɗi. Sai ta tambayi irin asusu. A Turanci Savings da Current ne, kuma fassarar Hausar ta bambanta daga banki zuwa banki, don haka ya kamata tun a gida ya san nasa wanne ne. Yawancinmu asusun ajiya muke da shi, wato Savings. Ya zaɓi 20,000, kuɗi ya fito, ya ɗauki kuɗinsa da katinsa. Wasu na'urorin kati suke fara fitarwa, wasu kuɗi, saboda haka ba a barin wurin sai an ga duka biyun a hannu.

Da a ce wannan dattijo ya duba bai ga komai a allon maraba ba, ba asara ya yi ba. Ya riga ya san cewa ko dai jerin harsuna zai fito da zarar kati ya shiga, ko kuma babu. Sai ya tura katin yana sa ido a kan shafi na farko, ba ya danna komai sai ya karanta. Mun sha ganin hannu ya riga ido: mutum ya saba danna maɓallin sama, ya danna, ashe English ya zaɓa. Idan haka ta faru, yawancin na'urori ba su da hanyar komawa baya zuwa jerin harsuna. Sai dai a danna ja, kati ya fito, a sake daga farko. Soke ciniki kafin kuɗi ya fito ba ya jawo cajin cire kuɗi.

Abin da ke jawo asara shi ne tsayawa cikin ruɗani bayan kati ya shiga. Idan ka daɗe ba ka amsa ba, na'ura kan tambaya ko kana son ƙarin lokaci, da Turanci idan ba ka sauya harshe ba. Idan ba ka amsa wannan ba, sai ta turo katin waje. Idan kuma ba ka zare shi cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, na'urori da yawa sukan janye shi su riƙe, a kan zaton ka manta shi ka tafi. Wannan shi ne abin da muke kira haɗiye kati, kuma sau da yawa ba lalacewa ba ce, tsaro ne ya yi aikinsa a kan wanda bai tafi ba. Haka nan idan ruɗani ya sa aka rubuta lambar sirri ba daidai ba sau uku a jere, banki kan toshe katin. Kowanne daga cikin biyun nan yana nufin komawa cikin banki, da layi, da cike takarda, wani lokaci da kuɗin sabon kati, ga kuɗin Keke zuwa da dawowa.

Mafi muni kuma shi ne mai taimako. Ba duk wanda ya ce “Baba, kawo in taimaka maka” ne mugu ba, yaranmu da yawa don Allah suke yi. Amma damfarar musanyar kati sananniya ce a ƙasar nan, bankuna da 'yan sanda sun sha yin gargaɗi a kanta: mutum ya karɓi katinka da sunan taimako, ya ga lambar sirrinka, ya miƙo maka wani kati mai kama da naka, kafin ka isa gida an kwashe asusun. Ƙofar da yake shiga ta ita ce lokacin da kake tsaye, kati a ciki, kana kallon Turanci. Neman harshe kafin sa kati yana sauya irin taimakon da kake buƙata. Kana iya juyawa ga na bayanka ka ce, “Ɗana, duba min inda ake sauya harshe a nan,” ya nuna maka, ya danna ma idan ya so, ka yi masa godiya ya koma layinsa. Bai taɓa katinka ba, bai ga lambarka ba. Ga iyayenmu mata, waɗanda sau da yawa ba sa son yin doguwar magana da baƙon namiji a bainar jama'a, wannan tambaya guda ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai wani dalilin da ya ƙara wa abin nauyi a 'yan shekarun nan, wato caji. Daga 1 ga Maris 2025, bisa umarnin Babban Bankin Najeriya, cire kuɗi a na'urar bankinka kyauta ne. A na'urar wani banki da ke harabar bankin, naira 100 ne a kan kowace 20,000. A na'urar wani banki da ke wajen haraba, kamar a kanti ko wani wurin taruwar jama'a, bayan naira 100 ɗin ana iya ƙara har naira 500 a kan kowace 20,000, kuma an wajabta a nuna wa mutum wannan ƙarin kafin ya amince. An kuma soke cirewa uku na kyauta a wata da aka saba samu a na'urorin wasu bankuna. Ke nan akwai shafin da ke gaya maka nawa za a cire maka, ya tambaye ka ko ka yarda. Dattijon misalinmu zai iya biyan sifiri, ko 100, ko har 600 a kan 20,000 ɗin nan tasa, gwargwadon inda ya tsaya. Wanda ke danna kore bai karanta ba ya amince da farashin da bai ji ba, abin da ba ɗayanmu da zai yi a Kasuwar Monday.

Hausar na'ura kuma tana da iyakarta, kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Shafukan da aka fassara su ne na yau da kullum. Idan matsala ta taso, saƙon yakan zo da Turanci ko da ka zaɓi Hausa, kuma rasit ma haka. Uku daga ciki sun cancanci a san su da ido. Insufficient Funds na nufin kuɗin asusunka bai kai abin da ka nema ba. Temporarily unable to dispense cash na nufin na'urar ce ba ta iya ba da kuɗi a yanzu, ba laifin katinka ba ne. Issuer or switch inoperative na nufin an kasa samun bankinka ta hanyar sadarwa, wato abin da muke cewa babu netwok. Idan aka cire kuɗi daga asusu amma na'ura ba ta bayar ba, ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta ce a na'urar bankinka a mayar nan take ko cikin awa 24, a ta wani banki kuma cikin awa 48. A ajiye saƙon da ya shigo waya, a riƙe rana da lokaci da wurin na'urar, su za a tambaya idan aka je ƙorafi.

Wata iyakar ita ce rubutun kansa. Hausar allon da boko take. Malaminmu na tsangaya da ke karanta ajami kamar ruwa, wanda yake gane darajar takardar naira 500 ko 1000 daga ajamin da ke jikinta, zaɓin Hausa ba zai amfane shi da yawa ba. Irinsa launukan nan uku da sanin jerin matakai da ka su suka fi yi masa aiki, ko ya tafi da ɗansa na cikinsa, ko ya je wurin mai POS na unguwa da ya sani, ya biya ɗan caji a yi magana baki da baki.

Wani zai ce, me ya hana na'ura ta gane harshen mutum da kanta? A fasahance tana iyawa. A cikin ɗan ƙarfen da ke jikin kati akwai gurbin da bankin da ya ba da katin zai iya rubuta harsunan da mai shi ya fi so, har guda huɗu, kowanne da haruffa biyu: en na Turanci, fr na Faransanci, ar na Larabci, ha na Hausa. Na'urar da aka tsara ta karanta wannan gurbi za ta iya buɗewa da harshenka ba tare da ta tambaye ka ba. Amma sai bankin da ya ba da kati ya rubuta, sai kuma bankin da ke da na'ura ya tanadi shafukan harshen. Mu dai a duk fom ɗin da muka cike na karɓar kati, ba mu tuna an tambaye mu harshen da muke so ba. A ganinmu tambaya ce da ta dace a riƙa yi, a garin da Hausa ce harshen kasuwa.

'Yan kasuwarmu masu ƙetara iyaka su ne suka fi kowa sanin darajar wannan dubawa, domin can abin juyewa yake yi. A Diffa, ko Kusuri, ko Njamena, allo da Faransanci yake buɗewa, sai wanda ke alfahari da Turancinsa a Maiduguri ya koma shi ne mai neman maɓalli. Kalmar da za a nema can ita ce Langue, ko tutar Birtaniya. Retrait shi ne cire kuɗi, Solde kuma duba abin da ya rage. A Makka da Madina alhazanmu kan tarar da zaɓi tsakanin Larabci da Turanci. Ja da ruwan ɗorawa da kore kuwa suna nan yadda muka san su a gida.

Ga masu rakiyar iyaye zuwa banki a ƙarshen wata, akwai abu ɗaya da muke roƙo. Maimakon ka karɓi katin ka yi komai cikin minti ɗaya su suna tsaye a gefe, ka zaɓi na'ura guda da ka tabbatar tana da Hausa, a bankinsu don kada a caje su, ka nuna musu inda zaɓin yake, ko kafin kati ne ko bayansa, ka bar su su danna da hannunsu sau biyu ko uku. Safiya ta fi, kafin rana ta hau allo kuma kafin layi ya yi tsawo. Idan wata rana suka je suka tarar an sauya hotunan allon, abin da bankuna kan yi lokaci zuwa lokaci, su bar katin a aljihu su jira hotunan su zagayo.